Yabo ne ko gatse? Yadda ake gane amsar da aka ba ka

Akwai abin da ke yawan haɗa ƴan gida ɗaya faɗa: mutum ya ba da labarin wani abin alheri da ya yi, a amsa mishi da "sannu da ƙoƙari", ya kwana yana juya maganar, bai san ko yaba mishi aka yi ko dariya ake mishi ba. Kalmomin kaɗai ba su raba wannan gardama. Abin da ke raba ta shi ne wanda ya yi maganar, da girman abin da aka yaba, da kuma inda maganar ta nufa.

Mu fara da sunayen abubuwan, don sau da yawa ana cakuɗa su. Gatse shi ne a faɗi kishiyar abin da ake nufi, kamar uwa ta ga ɗanta yana zubar da ruwan randa ta ce: "Madalla, ƙara zubarwa, ai rijiya a ɗaki take." Habaici magana ce da ake jefawa ba a kama suna ba, a bar mai ita ya tsargu. Zambo kuwa sana'ar makaɗa da maroƙa ce, su siffanta mutum da aibinsa har kowa ya gane shi, galibi abokin hamayyar ubangidansu. Ba'a ita ce tsokana don a yi dariya. A cikinsu gatse ya fi wuyar kamawa, don rigar yabo yake sawa.

Ko a tarihin Damagaram kalma ɗaya kan ɗauki fuska biyu. Sarki Amadu, wanda ya yi sarauta har zuwa 1899 da Turawan Faransa suka ci Zinder, da laƙabin Kuran Daga aka san shi. A fagen daga, kura kirari ne na wanda ake tsoro. Amma in ka kira ɗan kasuwa kura a bakin rumfarsa, ka ce mishi maci amana ne ko mahandami. Kalmar ɗaya ce, wurin da aka faɗe ta da wanda aka faɗa wa su ne suka bambanta.

Tambaya ta farko: wa ya yi maganar? A ƙasarmu akwai mutanen da al'ada ta ba damar su yi maka baƙar magana ba tare da laifi ba: taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, jika da kaka, ƙanen miji da matar wa, sai kuma tsakanin al'ummu kamar Fulani da Barebari. Wannan wasan barkwanci na Nijar hukumar Unesco ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. A bakin abokin wasa lissafin juyewa yake. In taubashinka ya ce "kai da ko akuya ba ka iya kiwo ba", kusanci yake nunawa. Ranar da ya gaishe ka da ladabi ƙwarai, ba tsokana ko ɗaya, ranar ce ya kamata ka binciki ko akwai wata a ƙasa.

Tambaya ta biyu: yabon ya yi daidai da aikin? Yabo na gaskiya yakan ambaci abin da aka yi, kuma a wurinmu da wuya ya tafi ba addu'a: tubarkalla, Allah ya sa albarka, Allah ya tsare. Gatse kuwa yakan wuce kima. Wanda ya samu dami goma a gonar da ta saba ba da hamsin, in aka ce mishi "sarkin noma, bana sai mu zo awo wurinka", ba a buƙatar malami ya fassara. Akwai kuma ƙananan kalmomi da ke tona asiri. "Wai" tana nuna mai magana bai yarda ba: "ya gina gida" daban, "wai ya gina gida" daban. "Su" gaban sunan mutum ɗaya, kamar "su Alhaji manya", tana iya zama girmamawa daga yaro, tana iya zama shaguɓe daga tsara.

Tambaya ta uku: ina maganar ta dosa? Wani yabon kai ake wa, amma wani ake duka da shi.

Bari mu gwada da misali. A ce wani ɗan ci-rani ya aiko jika hamsin a gyara rufin ɗakin tsohuwarsa kafin damina, aka gama, ya sanar da dangi. Amsa huɗu suka zo mishi.

Gwaggonsa ta ce: "Allah ya yi maka albarka, bana tsohuwa za ta kwana ba ɗigo." Ta ambaci aikin, ta yi addu'a, ba ta ƙara gishiri ba. Wannan yabo ne tsantsa.

Taubashinsa ya ce: "Shekara biyar a waje, ɗaki ɗaya? Bawa dai bawa ne." Maganar da zafi a kunne, amma wasa ce, kuma amsarta wasa: a rama da wadda ta fi ta.

Wani tsaransa da suka daɗe ba su jituwa ya ce: "Lalle su Alhaji an gina bene, sai mu zo kallo." Rufin ɗaki ya koma bene, an kira shi Alhaji bai je Makka ba, addu'a babu ko ɗaya. Alamu uku sun haɗu, gatse ne.

Matar kawunsa ta ce: "Haka ɗa na gari yake yi, ba irin waɗansu da ko tiyar hatsi ba su aikowa ba." Shi an yaba mishi da gaske, amma habaici ne ga wani ɗan gidan. In ya amsa da murna ya ce "gaskiya ne", ya shiga faɗan da ba nashi ba. Abin da ya fi shi ne ya yi godiya, ya ce Allah ya hore wa kowa.

Wannan awo yana da iyaka. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to wanda ke nesa ba ya ganin fuska. A baki, gatse yakan zo da jan murya, "sannuuu", ko taɓe baki, ko ƴar dariya a ƙarshe. In saƙon rubutacce ne, ko wani ne ya kawo maka shi, duk wannan ya zube a hanya. Kuma akwai dattawan da yabonsu gajere ne, "to, madalla" kawai, har cikin ransu. Gajartar amsa kaɗai ba hujja ba ce. Shi ya sa muke cewa alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, sai biyu ko uku sun taru, kuma a auna da yadda mutumin ya saba magana da kowa.

Kuskuren iri biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. Wanda ya ɗauki gatse a matsayin yabo, iyakarta a yi mishi dariya kwana biyu. Wanda ya ɗauki yabo ko wasan taubashi a matsayin zagi ya mayar da baƙar magana, yana iya yanke zumuncin shekaru, har ya daina aike gida. Don haka in kana shakka, karɓi maganar a yadda ta zo, ka ce "na gode, amin". In yabo ne ka biya hakkinsa, in gatse ne ka bar mai shi da kayansa. In kuma abin ya tsaya maka a rai, kira mutumin ku yi magana murya da murya, ko ka tambayi wani babba da yake wurin sa'ad da aka faɗe ta, kafin ka mayar da amsa.