Giɓin Safiya a Kasuwar Hannayen Jari: Asalin Dabarar Saɓa Masa da Lokacin da Ba Ta Ci

Kasuwar hannayen jari ta New York tana rufewa da ƙarfe 4:00 na yamma, ta sake buɗewa da 9:30 na safe. Amma labari ba ya kwana. A tsakanin nan kamfani kan fitar da rahoton ribarsa, wata kasuwa a Asiya ta faɗi, ko hukuma ta yanke hukunci. Da gari ya waye sai a ga hannun jarin da aka rufe a dala 50 ya buɗe a dala 52. Wannan tazara ita ake kira giɓi. Akwai kuma 'yan kasuwar da sana'arsu ke nan: in farashi ya yi tsalle sama su sayar, in ya faɗo su saya, suna sa ran zai koma inda ya kwana. Wanda ya san asalin wannan dabara zai gane ranar da take ci da ranar da take cin mai ita.

Tun a ƙarni na 18, masu cinikin shinkafa a kasuwar Dojima ta birnin Osaka suna bibiyar hawa da saukar farashi. Daga wannan al'ada ta Japan aka gaji zanen farashi mai siffar kyandir, kuma a cikinsa giɓi sunansa taga. A Amurka, Richard Schabacker ya yi wa batun cikakken bayani a littafinsa na 1932, sannan Robert Edwards da John Magee suka yaɗa shi a nasu na 1948. Sun kasa giɓi gida huɗu. Akwai na yau da kullum, wanda ke faruwa yayin da farashi ke kai da komo a wuri guda, kuma yakan cike da wuri. Akwai na ɓallewa, inda farashi ke tsallake wata iyaka da ta daɗe tana tare shi. Akwai na tsakiyar gudu, sannan na gajiya, wanda ke zuwa a ƙarshen doguwar tafiya. Tun a lokacin suka gargaɗi masu cewa kowane giɓi dole ya cike: biyu daga cikin huɗun ba sa waiwaye da wuri.

Ita kanta dabarar, a dandalin kasuwar New York ta girma. A da, kowane hannun jari yana da dillali na musamman mai buɗe cinikinsa. Umarnin saye da sayarwa da suka taru cikin dare a gabansa suke sauka. In masu saye sun rinjayi masu sayarwa, wajibi ne ya sayar musu daga nasa. Don ya kare kansa sai ya buɗe farashin a sama. Bayan cunkoson farko ya wuce, masu saye sun ƙare, farashi ya sauko, shi kuma ya sake saye da rahusa. Ashe ribar saɓa wa giɓi lada ce ta wanda ya tsaya wa masu gaggawa. Wannan shi ne tushen al'amarin: giɓin da cunkoso ya haifa yakan koma, domin darajar kamfanin ba ta sauya ba.

Daga jami'a kuma aka gano ɗaya ɓangaren. A 1968 Ray Ball da Philip Brown suka nuna cewa bayan rahoton riba mai ba da mamaki, farashi kan ci gaba da tafiya ta ɓangaren labarin. Victor Bernard da Jacob Thomas suka ƙarfafa wannan a 1989, inda suka nuna tafiyar kan ɗauki makonni. Ga ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa. Babban asusun da ke riƙe da miliyoyin hannayen jari ba ya iya sayar da su cikin awa ɗaya. Yakan raba cinikin kwana da kwanaki, kuma duk wanda ya tare masa hanya zai sha tura.

A shekarun 1990 ciniki ta intanet ya shigo da dubban ƙananan 'yan kasuwa masu saye da sayarwa a yini guda, dabarar ta bar hannun dillalai ta zama ta kowa. Sai dai filin ya sauya. A 2001 aka koma lissafin farashi da santi-santi, tazarar saye da sayarwa ta tsuke. Yau ana ciniki tun 4:00 na asuba kafin a buɗe kasuwa, don haka farashin buɗewa ya riga ya sha gwaji. Ribar ta ragu, ƙa'idoji suka ƙara muhimmanci.

Ga yadda ake yi a aikace. A ce hannun jari ya rufe a dala 50.00, kuma yakan motsa kimanin dala 1.20 a yini. Da safe ya buɗe a 50.80, babu wani labari a kan kamfanin, kuma bai wuce ƙololuwar jiya ta 51.10 ba. Ɗan kasuwa zai jira minti 15 na farko. A cikinsu farashi ya kai 50.90, ya sauko 50.70. Da ya faɗo ƙasa da haka, sai ya ari hannun jari 500 ya sayar a 50.65, ya sa iyakar asara a 50.95, ya nufi 50.05. In ya yi kuskure ya rasa dala 150, in ya dace ya samu 300. Idan awa ta farko ta wuce farashi bai nufi giɓin ba, sai ya fita.

Alamun giɓin da zai ci gaba kuwa daga wancan tarihi suka fito. Na farko, labari mai sauya darajar kamfani, kamar rahoton riba ko hasashen da kamfanin ya yi wa kansa. Na biyu, girma: giɓin da ya zarce motsin yini guda, ya kuma tsallake iyakar da farashi ya yi makonni a cikinta, ɓallewa ce. Na uku, yawan ciniki: in cinikin safiya ya ninka na kullum sau da yawa, manyan asusu ne ke ciki. Na huɗu, halin rabin awar farko: in farashi ya ƙi komawa cikin giɓin, ya ma wuce iyakarsa ta farko ta ɓangaren tsallen, to babu mai niyyar mayar da shi.

Kamfanin Meta ya tara manyan alamun nan a ranar 3 ga Fabrairun 2022. A jajiberin ranar ya rufe a dala 323 kafin rahotonsa, wanda ya nuna raguwar masu shiga Facebook a kullum a karon farko. Washegari ya buɗe a ƙasa da dala 250. Waɗanda suka saya suna cewa ya yi araha sun ga ya rufe a kusan 238, faɗuwar kashi 26 cikin ɗari. Zuwa Nuwamba ya sauka ƙasa da dala 100. Giɓin bai cike ba sai bayan fiye da shekara guda.

Saboda haka kafin ka saɓa wa giɓi, ka tambayi kanka abin da ya haife shi. In cunkoson masu gaggawa ne, kana iya tsayawa a matsayin dillalin da, da iyakar asara a hannunka. In labari ne ya sauya darajar kamfanin, ka kauce wa hanya.