Kashe jijiyar haƙori: yadda ake aikin, da dalilin komawa sau biyu ko uku

Idan likitan haƙori ya ce za a kashe jijiya, mutane da dama sai gabansu ya faɗi, wasu ma su ce gara a cire haƙorin a huta. Alhali wannan aiki shi ne hanyar ceton haƙorin da ruɓa ta ci har ciki.

A tsakiyar kowane haƙori akwai wani ɗan ɗaki mai tsoka mai laushi, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Daga ɗakin, siraran hanyoyi ke gangarawa cikin saiwa har zuwa ƙashin muƙamuƙi. Idan ƙwayoyin cuta suka isa can, tsokar takan kumbura ko ta mutu, kuma ba ta warkewa da kanta. Antibiyotik na iya rage kumburi, amma ba ya kaiwa cikin hanyar da jini ya daina shiga. Dole a buɗe a wanke.

Mu ɗauki misalin turmin ƙasa da ya hana mutum barci, dasashi ya kumbura. Haƙorin gaba galibi hanya ɗaya gare shi, shi kuwa turmi yakan yi uku ko huɗu, wasu a lanƙwashe.

A zuwan farko, likita zai ɗauki hoton radiyo don ganin saiwoyin, sannan ya yi allurar kashe zafi. Za ku ji ana dannawa, za ku ji ƙarar inji, amma bai kamata ku ji zafi mai suka ba. Haƙorin da ya kumbura sosai yakan yi wuyar mutuwa, don haka in kun ji zafi ku ɗaga hannu, a ƙara allura. Ana kewaye haƙorin da wata 'yar roba don kada miyau ya shiga. Daga nan sai a huda saman haƙorin, a kwashe tsokar da ta lalace, a auna tsawon kowace hanya. Da wasu siraran ƙarafa masu kama da allura ake kankare hanyoyin, ana yi ana wanke su da ruwan magani, dangin jabel da aka shirya domin aikin haƙori. Zaman kan ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi.

A nan ne ake sanin ko za a koma. Likita ba ya toshe hanya sai ta tsabtata, ta bushe. Idan babu mugunya kuma hanyoyin ba su da wuya, ana iya gamawa ranar. Amma idan mugunya ko jini na ci gaba da fitowa, toshewa na nufin rufe cutar a ciki. Sai a zuba maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a hankali, a rufe da pansama na wucin gadi, a ba ku randebu bayan sati ɗaya ko biyu. Hanya mai ƙunci ko lanƙwasa, ko gajiyar buɗe baki, su ma kan sa a raba aikin.

A zuwa na biyu, in ciwo ya lafa kuma hanyoyin sun bushe, sai a cika su da wani abu mai kama da roba, guta-parka, a sake hoto don tabbatar da cewa cikon ya kai ƙarshen saiwa. Abin da ya rage shi ne ciko na dindindin. Turmi kuwa sau da yawa yana buƙatar hula, wato kuron, domin haƙorin da aka rarake yana saurin tsagewa wajen tauna. Wannan kan zama zuwa na uku.

Babban kuskure shi ne ƙin komawa saboda ciwo ya tafi. Ciwon ya tafi ne don an cire jijiya, ba don aiki ya ƙare ba. Pansama ba ya daɗewa: in ya zube, miyau ya shiga, cutar za ta dawo, haƙorin na iya karyewa, a ƙarshe sai cirewa.

Bayan kowane zama, jin tsami wajen tauna na kwana biyu ko uku ba abin damuwa ba ne, parasetamol kan wadatar. Ku riƙa tauna ta ɗaya ɓangaren, ku guji ƙashi, aya da goro a kan haƙorin. Amma in fuska ta kumbura, zazzaɓi ya zo, ciwo na ƙaruwa, ko pansama ya faɗi, ku koma ba tare da jiran ranar randebu ba. In haɗiya ko numfashi ya yi wuya, a tafi asibiti nan take.

Kafin a fara, ku faɗa wa likita in kuna da ciwon suga, hawan jini, juna biyu, ko maganin da jikinku ba ya so. Ku kuma tambaye shi sau nawa yake ganin za ku zo, da kuɗin aikin gaba ɗaya har da kuron, don kada aiki ya tsaya a rabi.