Cikakken murabba'i da bambancin murabba'ai

Cikakken murabba'i da bambancin murabba'ai siffofi biyu ne a aljabara da ake amfani da su wajen warware jimlar lissafi zuwa ɓangarorin da aka ninka ta fito. Ana samun su a zane cikin littafi na 2 na Euclid, wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ana gane cikakken murabba'i, a² + 2ab + b² = (a + b)², idan gaɓar farko da ta ƙarshe murabba'ai ne, ta tsakiya kuma ninki biyu ce ta saiwoyinsu idan an ninka su. A 9x² + 30x + 25, saiwoyin su ne 3x da 5, kuma 2 × 3x × 5 na ba da 30x, don haka amsar ita ce (3x + 5)². Galibi a gaɓar tsakiya ake kuskure. Jimlar x² + 10x + 16 ta yi kama da wannan siffa, amma 8x ake buƙata a tsakiyarta. Warwararta ita ce (x + 2)(x + 8).

Bambancin murabba'ai, a² − b² = (a − b)(a + b), sai da alamar debewa. Shi ya sa x² + 9 ba ta warwaruwa da lambobi na zahiri.