Mutum ko Jimla: Ma'aunin Ƙidaya Wajen Taƙaita Ra'ayoyin Masu Saye

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda mai saye guda ɗaya mai dogon ƙorafi ke iya karkatar da taƙaitaccen bayanin da ake fitarwa daga ɗimbin ra'ayoyi. Ta nuna cewa matsalar tana farawa ne daga abin da ake ƙirgawa, sannan ta kawo gyara da hanyar gwada shi.

Tushen matsalar

A shekarar 2004 Minqing Hu da Bing Liu suka gabatar da hanyar taƙaita ra'ayoyi bisa sassan kaya. Manhaja tana tsamo sassan da masu saye suka ambata, kamar batir ko farashi, ta tantance jimlolin yabo da na suka a kan kowanne, sannan ta ƙirga su. Hanyar tana da amfani ƙwarai, amma idan jimla ce ma'aunin ƙidaya, wanda ya fi yawan rubutu shi zai fi yawan ƙuri'a. Ga kuma abin da Nan Hu da Paul Pavlou da Jie Zhang suka bayyana a 2009, cewa waɗanda kaya ya burge matuƙa da waɗanda ya ɓata wa rai sun fi masu matsakaicin ra'ayi saurin yin rubutu. Ke nan tun kafin a fara ƙidaya masu zafin ra'ayi sun riga sun samu fifiko.

Misali da lissafinsa

Mun ƙirƙiri wannan misali ne domin a ga lissafin a fili. A ce mutum 40 sun yi tsokaci a kan wata fitilar sola, kuma 10 daga cikinsu sun taɓo batun batir. Bakwai sun yaba, biyu sun soka, kowa da jimla ɗaya. Na goman kuwa ransa ya ɓaci, ya rubuta jimla 18 duk yana kukan batir ba ya riƙe caji.

Idan aka ƙirga jimloli, za a samu 27, kuma 20 daga ciki suka ne, wato kashi 74 cikin 100. Taƙaitawar za ta ce yawancin masu saye ba su gamsu da batirin ba, alhali ba haka ba ne. Idan kuwa mutane aka ƙirga, 3 ne cikin 10 suka koka, wato kashi 30.

Gyaran shi ne a ba kowane marubuci ƙuri'a ɗaya a kan kowane sashe, a raba ta tsakanin jimlolinsa:

```
w = 1 / n
```

A nan n shi ne yawan jimlolin da mutum ya rubuta a kan sashen. Kowace jimlar mai dogon ƙorafin za ta ɗauki nauyin 1/18, jimillarsu ta zama ɗaya kamar ta kowa. Ba a goge ko kalma daga maganarsa ba, nauyinta kawai aka daidaita.

Yadda ake gane taƙaitawa ta karkata

A cire marubuta ɗaya bayan ɗaya, ana sake lissafi kowane karo. Da aka cire mai dogon ƙorafin, ƙidayar jimloli ta faɗo daga kashi 74 zuwa 22, hukuncin ya juye gaba ɗaya. Ƙidayar mutane kuwa daga 30 ta sauka zuwa 22, hukuncin yana nan yadda yake. Duk taƙaitawar da cire mutum ɗaya zai juya ta, ra'ayin wannan mutumin take faɗa da sunan jama'a, kuma bai kamata a nuna wa mai saye ita ba.

Ko bayan gyara, mutum 10 ba su da yawa. Tazarar amincin da Edwin Wilson ya tsara a 1927 ta nuna cewa 3 cikin 10, a matakin kashi 95, na iya zama daga kusan kashi 11 zuwa 60. Don haka ya fi dacewa a rubuta adadin ƙarara: mutum 10 cikin 40 sun ambaci batir, 3 sun koka.

Inda hanyar ke gazawa

Mutum ɗaya na iya buɗe asusu biyar ya maimaita ƙorafinsa, ya samu ƙuri'a biyar. Dole a fara tace rubuce-rubucen da kalmominsu suka yi kama sosai, musamman waɗanda suka shigo kusan lokaci guda.

Gazawa ta biyu ta fi damun mu. Wani lokaci mai ɗaga murya shi kaɗai ya ga gaskiya. A ce cikin jimlolinsa 18 akwai wadda ta ce batirin ya kumbura har ya yi hayaƙi. Nauyin 1/18 zai binne wannan jimla, alhali ran mutane ta shafa. Irin wannan rahoto ba a sa shi a ƙuri'a. A ware kalmomin haɗari, kamar gobara, ƙuna da jan lantarki, duk jimlar da ta ƙunshe su a miƙa wa ma'aikaci ya karanta da idonsa, kuma a nuna ta daban a ƙarƙashin taƙaitawar, tare da bayyana cewa mutum ɗaya ne ya kawo rahoton.