Sintesis da kwaikwayo a harshen VHDL

VHDL harshe ne da ake amfani da shi wajen bayyana da'irar lantarki ta dijital a rubuce. Rubutun VHDL yana iya bi ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce kwaikwayo, inda manhaja irin ModelSim ko GHDL take bin rubutun a cikin kwamfuta tana nuna yadda da'irar za ta yi aiki. Ta biyu ita ce sintesis, inda manhaja irin Vivado ko Quartus take mayar da rubutun zuwa ƙofofin lojik da ƙwayoyin ajiya da wayoyin da ke haɗa su, domin a ɗora su a kan cif na FPGA ko a ƙera cif na ASIC. Manhajar kwaikwayo tana karɓar harshen kusan gaba ɗayansa, amma manhajar sintesis wani sashe kawai take iya ginawa. Saboda haka rubutu yana iya aiki daidai a allon kwamfuta, amma da'irar da aka gina daga gare shi ta yi wani abu dabam.

## Asalin bambancin

An fara VHDL a shekarun 1980 a ƙarƙashin shirin VHSIC na Ma'aikatar Tsaron Amurka. Manufar farko ita ce a rubuta bayanin yadda cif yake aiki, kuma a iya gwada wannan bayani a kwamfuta. Ƙungiyar IEEE ta amince da harshen a matsayin ƙa'ida mai lamba 1076 a shekarar 1987, aka kuma yi masa gyare-gyare daga baya, ciki har da na 1993 da 2008 da 2019. Gina da'ira kai tsaye daga rubutun ya bunƙasa ne bayan an riga an tsara harshen, shi ya sa yake ɗauke da abubuwa da yawa da ba su da takwara a cikin cif. A shekarar 1999 IEEE ta fitar da wata ƙa'ida mai lamba 1076.6, wadda ta fayyace sashen harshen da ya dace da sintesis.

## Kashi uku na rubutu

Manhajar sintesis tana raba abin da aka ba ta gida uku.

Abin da take ginawa. Wannan ya haɗa da kalmomin lojik kamar `and` da `or` da `not`, da zaɓi ta hanyar `if` ko `case`, da tarawa da ɗebewa a kan lambobi masu ƙayyadajjen yawan bit. Duk siginar da aka ba ƙima a ƙarƙashin `rising_edge(clk)` tana zama filif-filof, wato ƙwayar ajiya mai riƙe bit ɗaya daga bugun agogo zuwa na gaba. Zagayen `for` ma ana gina shi idan an san iyakarsa tun kafin gini, sai dai ba zagayawa yake yi ba: zagaye takwas yana zama kwafi takwas na da'irar, duk suna aiki a lokaci guda.

Abin da take ƙi. Umarnin `wait for`, da nau'in `access` mai neman wurin ajiya yayin aiki, da sigina mai nau'in `real`, da zagayen da ba a san ƙarshensa ba, galibi suna sa manhajar ta tsaya da saƙon kuskure. Dalili shi ne yawan ƙofofin cif ba ya ƙaruwa bayan an gama gini, kuma babu ƙofar da ta san daƙiƙa da kanta.

Abin da take tsallakewa. Jinkirin da aka rubuta da `after` da saƙonnin `report` ba sa zama komai a cikin cif. Manhajar tana wuce su, wani lokaci da gargaɗi, ta ci gaba da aikinta. Wannan kashi ya fi haɗari, domin aikin yana kammala ba tare da kuskure ba, mai rubutu kuma yana zaton an gina abin da ya rubuta.

## Misali: jinkiri bayan an kawo wuta

Na'urar kare firji da wasu sitabilaiza ba sa sakin wuta nan take idan an kawo ta. Suna jira na ɗan lokaci domin wutar ta daidaita. A ce ana son da'irar da za ta jira daƙiƙa 5 bayan siginar `wuta` ta zama `'1'` kafin ta kunna siginar `fita`. Mai koyo yakan fara rubuta haka:

```vhdl
fita <= wuta after 5 sec;
```

A kwaikwayo wannan layi yana aiki: `fita` tana tashi daƙiƙa 5 bayan `wuta`. A sintesis kuwa ana watsar da `after 5 sec`, abin da ya rage shi ne waya guda daga `wuta` zuwa `fita`. Da zarar an kawo wuta firjin zai kama, wato kariyar da aka yi aikin dominta ba ta nan. Idan aka sauya zuwa `wait for 5 sec`, manhajar za ta ƙi rubutun baki ɗaya, kuma hakan ya fi sauƙi, tunda an ga matsalar tun kafin a ɗora komai a kan cif.

Da'irar dijital tana auna lokaci ne ta hanyar ƙirga bugun agogo. Allunan koyon FPGA da dama suna da agogo mai bugawa sau miliyan 50 a daƙiƙa, wato bugu ɗaya a kowane nanosakan 20. Daƙiƙa 5 ta zama bugu 250,000,000 ke nan. Rubutun da zai ginu shi ne mai ƙirga su:

```vhdl
signal adadi : integer range 0 to 249999999;

process(clk)
begin
  if rising_edge(clk) then
    if wuta = '0' then
      adadi <= 0;
      fita  <= '0';
    elsif adadi < 249999999 then
      adadi <= adadi + 1;
    else
      fita <= '1';
    end if;
  end if;
end process;
```

Kowane sashe na wannan rubutu yana da abin da yake zama. Bit 27 suna ɗaukar ƙima 134,217,728 ne kawai, bit 28 kuma suna ɗaukar 268,435,456, don haka `adadi` tana zama filif-filof 28. Siginar `fita` tana ƙara ɗaya, jimilla 29. Alamar `+ 1` tana zama da'irar tarawa, alamar `<` kuma da'irar kwatanta lamba. Idan ba a rubuta `range` ba, manhajar tana ɗaukar `integer` a matsayin bit 32.

Wannan hanya ma tana da iyaka. Idan jinkirin minti 3 ake so, bugun zai kai 9,000,000,000, alhali `integer` na VHDL har zuwa gyaran 2008 ba a tabbatar masa da wuce 2,147,483,647 ba. Mafita ita ce a yi amfani da nau'in `unsigned` mai bit 34 daga kunshin `numeric_std`, ko a raba aikin biyu: maƙirgi ɗaya ya riƙa fitar da alama a kowace daƙiƙa, na biyu ya ƙirga alamomin har 180.

## Rubutun da ke ginuwa amma ya saɓa

Akwai rubutun da manhajojin biyu suke karɓa, amma kowace ta fahimce shi ta fuskarta. Wanda aka fi gamuwa da shi ya shafi jerin siginonin da ake sawa a cikin baka bayan kalmar `process`:

```vhdl
process(a)
begin
  y <= a and b;
end process;
```

Manhajar kwaikwayo tana sake lissafa `y` ne kawai idan `a` ta canza, tunda ita kaɗai ce a jerin. Manhajar sintesis galibi ba ta kula da jerin ba, sai ta gina ƙofar `and` ta yau da kullum, wadda take amsa canjin `a` da na `b` duka. Gwajin ya nuna abu ɗaya, cif ya yi wani. Gyaran 2008 ya kawo `process(all)`, wanda yake sa duk siginar da aka karanta cikin jerin da kansa.

Na biyu shi ne `if` da ba shi da `else` a cikin `process` marar agogo. Idan sharaɗin bai cika ba, ƙa'idar harshen ta ce siginar ta riƙe tsohuwar ƙimarta. Riƙewa kuwa tana buƙatar ajiya, sai manhajar ta gina ƙwayar ajiya marar bin bugun agogo, wadda rahoton yake kira `latch`. Irin wannan ƙwaya tana wahalar da lissafin lokaci, kuma yawanci ba ita mai rubutu ya nufa ba. Maganinta shi ne a ba siginar ƙima a kowane reshe, ko a ba ta ƙimar farko a saman `process` ɗin.

Na uku ya shafi ƙimar farawa, kamar `:= '0'` a wurin ayyana sigina. Yawancin FPGA suna kiyaye ta, domin ana loda ta tare da tsarin cif ɗin lokacin kunnawa. A ASIC galibi ba a kiyaye ta, dole a tanadi siginar mayar da da'ira farko. Haka kuma nau'in `std_logic` yana da ƙima tara, amma `'U'` da `'X'` alamun manhajar kwaikwayo ne, na siginar da ba a ba ƙima ba da wadda ba a san ƙimarta ba. Babu ƙofar da za ta iya gane su a cikin cif.

## Amfanin sashen da ba ya ginuwa

Sashen da sintesis ba ta karɓa shi ne ake rubuta bencin gwaji da shi, wato rubutun da ke kewaye da'ira yana ba ta sigina yana duba amsarta. A can ne `wait for` da `after` da `assert` da karanta fayil suke da gurbi. Layin `clk <= not clk after 10 ns;` yana samar da agogon gwaji mai bugu miliyan 50 a daƙiƙa, muddin an ba `clk` ƙimar farawa. A kan allo kuwa agogon yana fitowa ne daga wata 'yar na'ura mai ƙirista da ke wajen cif. Tunda kwaikwayon bugu miliyan 250 yana cin lokaci mai tsawo, akan mayar da iyakar ƙirgar ta zama `generic`, a sa ƙaramar lamba kamar 10 lokacin gwaji. Ana ajiye bencin gwaji a fayil dabam, ba a ba manhajar sintesis shi.

## Yadda ake gane saɓani

Hanya ta farko ita ce karanta gargaɗin da ke cikin rahoton sintesis, musamman mai ambaton `latch` ko jinkirin da aka yi watsi da shi. Ta biyu ita ce kwatanta yawan kayan da aka gina da wanda aka lissafa tun farko. A misalin jinkirin daƙiƙa 5 ana sa ran filif-filof 29. Idan rahoton ya nuna sifili, babu abin da ke ƙirga lokaci a cikin cif ɗin. Ta uku ita ce duba zanen da'irar da Vivado da Quartus suke fitarwa. Ta ƙarshe ita ce a sake gudanar da bencin gwajin a kan da'irar da sintesis ta fitar maimakon rubutun asali. Idan sakamakon biyu ya bambanta, akwai layin da manhajojin biyu suka karanta dabam.