Alkunya da Ɗorewar Sunan Ƙuruciya a Gidan Bahaushe

A gidan Bahaushe da wuya a sami yaron da ke amsa suna ɗaya. Akwai sunan yanka da liman ke raɗa masa ranar da ya cika kwana 7, akwai kuma sunan da matan gida ke lallashinsa da shi. Irin wannan na biyun, wani yakan faɗi tun kafin a yaye yaro, wani kuma sai ya bi mutum har furfura. An saba cewa ƙauna ce ke raya shi. A ganina ƙauna ba ta isa bayani ba, domin kowane jariri abin so ne. Abin da ke ɗorar da laƙabi shi ne a sami wani a gidan wanda bakinsa ba zai iya faɗin sunan yankan ba.

A ɗauki misalin yarinyar da aka sa wa Fatima, sunan mahaifiyar ubanta. Uwar jaririyar suruka ce ga mai sunan, kuma al'ada ba ta yarda ta ambaci sunan uwar mijinta ba. Shi ma uban yana jin nauyin kwaɗa kiran sunan mahaifiyarsa a tsakar gida, balle ya haɗa shi da tsawa ranar da yarinyar ta yi ɓarna. Tun kafin a watse daga taron suna za a fara ce mata Ummi ko Mama. Wannan sunan ba na wasa ba ne da za a ajiye idan ta yi wayo, domin dalilin da ya kawo shi bai gushe ba: ko bayan rasuwar kakar, surukar ba za ta fara faɗin sunanta ba.

Daga nan aikin ya koma hannun ƙanne. Yaron da aka haifa bayan Ummi bai taɓa jin an kira ta Fatima ba. Da Yaya Ummi ya buɗe baki, abokansa suka ɗauka daga gare shi, unguwa ta ɗauka daga gare su. Idan ta yi aure, ƙawayen da suka raka ta su ne za su kai sunan gidan miji. Haka abin yake ga namijin da ya ci sunan kakansa aka ce masa Abba, Baffa ko Babangida, haka kuma ga ɗan fari, wanda uwa ke kunyar sunansa ko da bai ci sunan kowa ba.

Za a iya cewa ai Auta, Gambo da Tanko ma suna ɗorewa, alhali babu alkunya a cikinsu. Gaskiya ne, sai dai su matsayin haihuwa suke nunawa, matsayin kuma ba ya tsufa: mai bin tagwaye Gambo ne ko ya kai shekara 70. Sunan rana ma haka, shi ya sa jama'a suka san gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna na 1979 zuwa 1981 da Balarabe Musa, Abdulƙadir ɗin kuwa sai a takarda. Waɗanda suka fi saurin faɗuwa su ne na siffar jarirantaka, na ƙiba ko yawan kuka, da wanda yayan yaro ya ƙirƙiro da gwarancinsa. Siffar na gushewa, mai gwarancin ma bakinsa na buɗewa. Irin wannan ba ya rayuwa sai idan uwa mai neman abin sakaya suna ta karɓe shi.

Inda matsala ke tasowa shi ne wajen takardu. Wata gwaggo ta kai yarinya firamare ta ce a rubuta Ummi, uba kuma ya yi mata takardar haihuwa da Fatima. Ba a gane ɓarakar sai ranar da aka zo haɗa sakamakon jarrabawa da lambar NIN ko BVN, sunaye suka ƙi haɗuwa, aka koma neman takardar rantsuwa a kotu.

A birane yanzu iyaye sukan zaɓi laƙabin tun kafin ranar suna, kuma sun fi karkata ga na Larabci: Walida, Amira, Halifa. Wasu na ganin alamar mutuwar al'ada ce. Ni dai ban ga haka ba, domin Halifan nan, idan aka bincika, sau da yawa sunan kakansa ya ci, uwarsa kuma har yau ba ta faɗinsa.