Morfin da ciwon daji: Yadda ake hawa tsanin rage raɗaɗi, da amsar tsoron kamuwa da shaye-shaye

Iyalai da yawa na ja da baya idan likita ya ce za a fara bai wa mai ciwon daji morfin. Wasu na tsoron kada majinyacin ya zama ɗan ƙwaya, wasu kuma na ɗauka cewa likita ya yanke ƙauna ne. Tsoron na da tushe, domin Arewa ta ga ɓarnar da kodin da tiramadol suka yi wa matasa, har gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Sai dai morfin da ake bai wa mai ciwon daji a asibiti yana tafiya ne bisa ƙa'ida da lissafi, kuma lissafin nan shi ne kariyarsa.

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da ake kira tsanin rage raɗaɗi, mai matakai uku. Matakin farko na ciwo mai sauƙi ne, ana ba da farasitamol ko irin su ibufurofen. Na biyu na ciwo matsakaici ne, inda ake ƙara kodin ko tiramadol. Na uku na ciwo mai tsanani ne, kuma morfin ne jigonsa. Ba dole ba ne a taka matakan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zo yana murƙususu ana iya fara masa daga na uku, domin tsananin ciwon ne ke zaɓen matakin, ba nisan da cutar ta yi ba.

Magungunan matakan ƙasa suna da iyaka. Baligi ba ya wuce giram 4 na farasitamol a rana saboda hanta, ibufurofen na iya jawo gyambon ciki ko ya taɓa ƙoda, tiramadol kuwa idan ya yi yawa yana sa farfaɗiya. Shi morfin ba shi da ƙayyadadden adadi ɗaya ga kowa. Ana ƙara shi kaɗan-kaɗan har ciwo ya lafa, matuƙar illarsa ba ta rinjayi amfaninsa ba.

Ƙa'idoji biyu ne suka fi muhimmanci: a sha ta baki muddin majinyaci na iya haɗiya, kuma a sha bisa agogo. Morfin na ruwa yana aiki na kimanin awa huɗu. Idan aka jira sai ciwo ya dawo kafin a ba da shi, majinyacin zai wuni tsakanin azaba da jiran sauƙi, kuma wannan ne kuskuren da ya fi yawa a gidaje, yawanci da kyakkyawar niyya.

A ɗauki misalin mace mai sankarar mama da ta bazu zuwa ƙashin baya, wadda tiramadol ya daina yi wa aiki, ƙodarta kuma lafiya lau. Likita zai dakatar da tiramadol ɗin, ya fara mata da miligiram 5 na morfin duk bayan awa huɗu: ƙarfe 6 na asuba, 10 na safe, 2 na rana, 6 na yamma, 10 na dare da 2 na dare. Jimilla miligiram 30 ke nan a rana. Da a ce tsohuwa ce tukuf ko ta rame ƙwarai, da rabin haka za a fara.

Za kuma a ba ta izinin shan ƙarin miligiram 5, wato kashi ɗaya cikin shida na jimillar yini, duk lokacin da ciwo ya taso kafin lokacin magani ya yi. Mai jinya zai rubuta kowane ƙari da lokacinsa a takarda. A ce washegari takardar ta nuna an yi ƙari sau uku. Abin da jikinta ya buƙata ya zama 30 da 15, wato 45. Likita zai raba 45 gida shida, sabon awon ya koma miligiram 7.5 duk bayan awa huɗu. Haka za a riƙa yi har ta iya barci, ta zauna, ta yi salla ba tare da ciwo ya hana ta ba. Likita ne ke wannan lissafin, aikin iyali shi ne rubutawa. Ana auna maganin da sirinji marar allura ba da cokalin gida ba, kuma a karanta jikin kwalba, domin ana haɗa morfin na ruwa da ƙarfi daban-daban, wani ya ninka wani sau goma.

Game da tsoron kamuwa, abubuwa uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai sabon jiki: wanda ya yi makonni yana shan morfin, idan aka yanke masa lokaci guda zai yi gumi, zawo, hamma da ciwon gaɓoɓi. Wannan ba shaye-shaye ba ne, kuma maganinsa shi ne a riƙa ragewa a hankali idan ciwon ya ragu, misali bayan tiyata. Akwai kuma buƙatar ƙari, wadda a ciwon daji galibi alama ce ta cewa cutar ta ƙaru. Na uku shi ne ainihin kamuwa, inda mutum ke neman maganin don maye, ya kasa riƙe kansa, ya ci gaba da sha ko da yana cutar da shi. Wannan ba kasafai yake faruwa ga mai ciwon daji da ke shan morfin bisa ƙa'ida ba. Amma ba a ce ba ya faruwa sam. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya taɓa shaye-shaye, don haka kada a ɓoye wa likita tarihin nan. Ba za a hana irin wannan majinyaci magani ba, sai dai a ba shi na kwanaki kaɗan-kaɗan, wani amintacce ya riƙe kwalbar. Wanda kuwa ke kallon agogo yana roƙon magani, sau da yawa awon ne ya yi masa kaɗan.

Haka nan babu hujjar cewa morfin da aka ƙara a hankali yana gaggauta mutuwa. Akwai masu shansa watanni suna zuwa kasuwa da ofis. Yuganda ta daɗe da gwada hakan: tun 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyar kula da masu irin wannan ciwo a Kampala, ana kai musu morfin na ruwa har gida, a 2004 kuma ƙasar ta bai wa ma'aikatan jinya masu horo na musamman izinin rubuta shi.

Illar da ya kamata a shirya mata tun ranar farko ita ce taurin bayan gida. Kusan kowa na samunsa, ba ya kuma wucewa da kansa, shi ya sa ake haɗa morfin da maganin saukar da bayan gida. Tashin zuciya da gyangyaɗi kan lafa cikin 'yan kwanaki.

Alamomin haɗari daban suke: barcin da ake tashin mutum ya kasa farkawa sosai, numfashin da ya sauka ƙasa da takwas a minti ɗaya, baƙin tsakiyar ido ya tsuke kamar kan allura, ruɗewa, ko fizgar gaɓoɓi. Idan aka ga haka kada a ba da awo na gaba, a garzaya asibiti, inda akwai allurar naloksan mai karya ƙarfin morfin. Hakan ya fi faruwa idan ƙoda ta yi rauni ko fitsari ya ragu, ko aka haɗa morfin da giya, ƙwayoyin barci ko tiramadol ɗin da wani ya sayo a kemis.

A ajiye kwalbar a wuri mai makulli, nesa da yara da kuma duk wani a gidan da ake zargi da shaye-shaye. Ba a sammata wa maƙwabci mai ciwon haƙori, domin awon da jikin majinyaci ya saba da shi na iya kashe wanda bai taɓa sha ba. Abin da ya rage bayan an daina amfani da shi, a mayar wa sashen magunguna na asibitin da ya bayar.